Ƙwan kazar gida da ba a dafa ba: ta ina salmonela ke shiga, kuma wace dahuwa ce ke kashe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce a wani ƙauye kusa da Ringim, ina kiwon kajin gida da zabi. Ɗana mai shekara huɗu yana da sikila, kullum da safe nakan fasa masa ɗanyen ƙwai a cikin madara da ɗan zuma don jininsa ya ƙaru. Ma'aikaciyar asibitinmu ta ce in daina, wai akwai wata cuta salmonela a ciki. To ƙwan nan na kazata ne, lafiyarta ƙalau, da ɗuminsa nake ɗaukowa, babu tsaga, kuma ina wankewa. Ta ina cuta za ta shiga abin da yake a rufe? In kuma dole sai an dafa, wace irin dahuwa ce ta isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba yaro lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyarsa. Maganar ma'aikaciyar nan daidai ce, kuma ina roƙonki ki daina ba shi ɗanye tun daga gobe da safe. Ƙwan kada ki daina ba shi, abinci ne mai kyau ga yaro irinsa. Dafawa kawai za ki riƙa yi. Aikina duba dabbobi ne, kaji ne kuma rabin abin da ake kira na a kansu, don haka zan fara miki daga cikin kazar, domin a can labarin yake farawa.

Kin taɓa yanka kaza mai saka ƙwai, na tabbata. In kin buɗe cikinta za ki ga curin 'yan gwaiduwa manne da bayanta, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar gujiya, ɗaya ko biyu sun kusa kai cikakken girma. Duk waɗannan tsirara suke, babu ɓawo a jikinsu. In guda ta nuna sai ta saki, ta faɗa cikin wata doguwar hanya mai kama da hanji. A nan ake lulluɓe ta da farin ƙwai, sannan a yi mata tantani biyu, sai a can ƙarshe a gina ɓawo a kai. Tafiyar gaba ɗaya takan ɗauki awa 24 zuwa 26, kuma kusan awa 20 daga ciki ginin ɓawo ne ke cinye su. Wato ɓawo shi ne na ƙarshen zuwa. Duk abin da ya riga shi shiga, rufe shi zai yi a ciki, kamar yadda za ki toshe bakin tulu alhali kiyashi ya riga ya faɗa.

Salmonela ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, mazauninta hanjin dabbobi da tsuntsaye da mutane. An sa mata sunan wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Daniel Salmon, wanda a sashen da yake shugabanta aka fara gano ta a jikin alade a 1885. Dangi ne babba, sun haura iri 2,500, kuma rashin bambance su ne ke rikita mutane. Akwai wadda ke kawo zazzaɓin taifod, ita wannan a jikin mutum kaɗai take rayuwa, ta ruwa da abincin da bayan gidan mutum ya gurɓata take yaɗuwa, ba ruwanta da kaza. Akwai Galinaram, mai kawo taifod ɗin kaji, wadda ke sa kaza ta takure, tukkunta ya koɗe, ta yi zawo kore-kore ko rawaya ta mutu. Ita kuma ba kasafai take damun mutum ba. Wadda ta shafe ki ita ce ta uku, wadda ake kira Entaritidis, da 'yar'uwarta Taifimuriyam. Halin Entaritidis shi ne ta zauna a jikin babbar kaza ba tare da ta kwantar da ita ba. Kazar za ta ci, ta sha, ta yi tono, ta yi ƙwai kullum. Amma ƙwayar ta ratsa daga hanjinta ta shiga jini, ta kai hanta da saifa, ta samu wurin zama a curin gwaiduwar nan da kuma hanyar da ƙwai ke bi. Saboda haka lafiyar kazarki da kike gani ba shaida ba ce. Ni kaina da nake wannan aiki ba zan iya duban kaza in ce miki ba ta ɗauke da ita ba, sai an kai kashinta ko shimfiɗar akurkinta ɗakin gwaji.

Kaza kuwa tana samun ta ne daga inda kike zato: kashin ɓera a cikin dusa ko tsaba, ƙadangare da ke sha a kaskon ruwansu, kashin wata kaza da aka sayo daga kasuwa aka haɗa su, ko kuma tun tana ɗan tsako ta gado daga ƙwan da ta fito. Ɓera ne na fi zargi a gidajenmu, domin rumbu da akurki maƙwabta ne.

Wannan ita ce hanya ta farko, ta ciki. Kada ki ɗauka kowane ƙwai haka yake. Ko kazar da ke ɗauke da cutar ba kowane ƙwai take sa wa ba, jefi-jefi ne, yau babu, gobe babu, wata rana akwai. A Amurka an taɓa ƙiyasta cewa kusan ƙwai ɗaya cikin 20,000 ne ke ɗauke da ita a ciki. Wannan lissafin gonakinsu ne, ba a ɗora shi a kan kajinmu masu yawo a tsakar gida, kuma in kaza ɗaya mai ɗauke da cutar ce ke ba ki ƙwai kullum, lissafin duk ƙasa ba ya miki amfani. Na kawo shi ne don ki gane dalilin da zai sa mutum ya sha ɗanyen ƙwai shekara guda bai ga komai ba, har ya rantse cewa babu illa. Wanda ke sha kullum yana jefa guga ne a rijiya ɗaya safiya bayan safiya, wata rana zai jawo abin da ke ƙasa.

Hanya ta biyu ta waje ce, kuma a ƙauye ita ta fi samun dama. Kaza ƙofa ɗaya gare ta, ta nan kashi ke fita, ta nan ƙwai ke fita. Sannan ƙwan ya sauka a gurbin da kazar ta tattaka da ƙafafunta. Ɓawon da kike gani sumul ba a toshe yake ba. Yana da ƙananan ƙofofi dubbai, tsakanin 7,000 zuwa 17,000 a ƙwai guda, ta nan ɗan tsako ke shaƙar iska kafin ya ƙyanƙyashe, kuma sun ishi ƙwayar cuta wucewa. Allah ya yi wa ƙwai kariya daga wannan: lokacin da zai fito, akwai wani ɗan danshi mai yauƙi a jikinsa wanda ke bushewa cikin 'yan mintuna ya liƙe bakin ƙofofin. In kin taɓa ɗaukar ƙwan da aka saka yanzu-yanzu kin ji shi da ɗan laima, wannan rufin ne bai gama bushewa ba.

Ga inda haɗarin yake. Ƙwai yana fitowa da zafin jikin kaza, wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyos. Yana hucewa, abin da ke cikinsa yana ɗan tsukewa, sai ya zuƙo iska daga waje ta waɗannan ƙofofi. Wannan ne ke samar da ɗan sararin iskar da kike gani a gefen ƙwai mai faɗi in kin ɓare dafaffe. In ƙwan ya sauka a busasshen ƙaiƙayi, iska zai zuƙa. In ya sauka a kan jiƙaƙƙen kashi ko laka, musamman da damina, to ruwan ƙazantar zai zuƙa tare da abin da ke cikinsa. Ƙwan zabi ya fi na kaza kaurin ɓawo, amma zabuwa a daji take yin ƙwai, a ƙasa, cikin damina, kuma yakan kwana da yawa kafin a gano gurbin.

Yanzu ki duba wankewar da kike yi. Kin ɗauko ƙwai da ɗuminsa, kin tsoma shi a ruwan randa mai sanyi. Sanyin ya sa cikinsa ya tsuke nan take, ya ja ruwan wankin zuwa ciki, ga shi kuma gogawar ta kankare rufin da ke toshe ƙofofin. Niyyarki tsabta ce, amma abin da ya faru shi ne an tura dattin waje zuwa ciki. Shi ya sa a mafi yawan ƙasashen Tarayyar Turai ba a yarda a wanke ƙwan da za a sayar wa masu ci a gida ba. A Amurka ana wankewa, amma da inji, da ruwan da ya fi ƙwan ɗumi, a busar da shi nan da nan, daga nan kuma ba ya rabuwa da firij har ya kai gidan mai saye. Mu da ba mu da wannan tsari, abin da ya fi mana shi ne a bar ƙwai da rufinsa. In akwai ɗan datti a goge da busasshen ƙyalle. In dole sai an wanke, a bari sai za a dafa, a wanke da ruwa mai ɗumi, a ɗora a wuta a lokacin.

To in ƙwayar ta shiga, me ke biyo baya? A nan ne lokaci da zafin gari ke shiga maganar, kuma nan nake so ki fi tsayawa.

Sabon ƙwai, ko yana da cutar, yawanci ƙwayoyin kaɗan ne, 'yan gomomi ko ƙasa da haka, kuma mafi yawa a cikin farin suke ko a jikin tantanin da ya kewaye gwaiduwa. Farin ƙwai ba wurin jin daɗi ba ne gare su. Yana da kaifi irin na kanwa, wanda ke ƙaruwa kwana kaɗan bayan an saka ƙwan, kuma akwai wani sinadari a cikinsa da ke damƙe ƙarfen da ƙwayar ke buƙata don ta hayayyafa. Tana nan da rai, amma a ɗaure take, tana jin yunwa. Gwaiduwa kuwa rumbu ce: ga mai, ga ƙarfe, ga duk abin da aka tanadar wa ɗan tsako, kuma babu wannan kariya a cikinta. Abin da ya raba mai yunwa da rumbu siririn tantanin nan ne kawai. Tantanin yana saki ne da tsufan ƙwai, kuma zafi na gaggauta sakinsa. A ɗaki mai sanyin digiri 20 yakan yi kusan mako uku kafin ya yi rauni. A zafin da ya haura digiri 30, 'yan kwanaki ne. Ke kin san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Jigawa a watan Afrilu da Mayu. Alamar da za ki gani da idonki ita ce ƙwan da kika fasa gwaiduwarsa ta baje ta ƙi tsayawa curi, farin kuma ya tsinke kamar ruwa. Wannan tantaninsa ya gama aiki.

Bari mu bi kofin madarar yaronki mu yi lissafi. Mu ɗauka ƙwan yau yana da ƙwayoyi 10 kacal. Kin fasa, kin kaɗa, da hannunki kin yage tantanin da ke tsare su, kin haɗa su da gwaiduwa da madara. Salmonela ta fi son zafin digiri 35 zuwa 37, wato zafin jikin mutum, wato kuma zafin inuwarmu da bazara. A irin wannan yanayi, bayan ɗan jinkirin da take yi kafin ta saba da wuri, takan rabu biyu cikin kusan rabin awa, wani lokaci ƙasa da haka. Yaro ya ɗan kurɓa da ƙarfe bakwai na safe ya ture, kin rufe sauran don kada a yi asara. Bayan awa ɗaya da fara rabuwarsu, 10 sun zama 40. Bayan awa uku, 640. Bayan awa biyar sun haura 10,000, bayan shida sun haura 40,000. In abin ya kai awa goma, ana maganar miliyan goma. Duk wannan ba lallai madarar ta sauya wari ko launi ba. Salmonela ba ita ke sa ƙwai ya zama baragurbi ba, wasu ƙwayoyin ne daban ke yin wannan. Don haka shinshinawa ba ta gano ta, ɗaga ƙwai a rana ba ya gano ta, gwajin ruwan da masu sayar da ƙwan zabi ke yi shi ma ba ya gano ta. Gwajin ruwa yana gaya miki tsufan ƙwai ne, domin sararin iskar cikinsa na ƙaruwa da kwanaki har ya sa shi ya taso. Yana da amfani, tunda tsohon ƙwai ya fi haɗari, amma ƙwan da ya nutse bai zama mai tsarki ba.

Wannan lissafin shi ne na kofin mai shayi. Kofi ɗaya da cokali ɗaya yake kaɗa ƙwan kowa tun daga magariba har tsakar dare, ba a wankewa a tsakani, ragowar kowane ƙwai na haɗuwa da na bayansa. In ƙwai ɗaya cikin kiret yana da cutar, ya shafa wa duk waɗanda suka biyo baya. Abin da ke ceton masu ci shi ne suyar, in ta yi.

Sai dahuwa. Ƙwayar cuta jikinta da sinadaran gina jiki aka yi shi, irin dangin waɗanda ke cikin ƙwai. Abin da wuta ke yi wa farin ƙwai, ta mai da shi daga ruwa zuwa daskararre yadda ba zai koma ba, shi take yi wa cikin ƙwayar, sai ta mutu. Farin ƙwai yana fara kamewa a digiri 62 zuwa 65, gwaiduwa kuma a 65 zuwa 70. Salmonela tana daina hayayyafa a wajen digiri 46, tana fara mutuwa a hankali daga wajen 55, a 60 tana mutuwa cikin mintuna, a 70 zuwa 71 kuwa cikin daƙiƙoƙi. Ki lura yadda lambobin suka zo kusa da juna. Zafin da ke sandarar da gwaiduwa har tsakiyarta shi ne zafin da ke gamawa da ƙwayar. Ba ki buƙatar ma'aunin zafi, ƙwan da kansa yana nuna miki. Inda duk ya rage ruwa-ruwa, wurin bai kai zafin ba, ko da gefensa ya ƙone.

Akwai abu ɗaya game da yadda zafi ke kisa da ya kamata ki riƙe. Ba lokaci guda yake share su ba. Kashi-kashi yake ragewa: a wani zafi da aka tsayar, kowane ɗan lokaci yana kashe tara cikin goma na waɗanda suka rage. 100,000 su koma 10,000, su koma 1,000, su koma 100, haka har ƙasa. Ma'anar wannan ita ce yawan da aka fara da shi yana da tasiri. Dahuwar da za ta rage su sau 100,000 ta wadatar ga sabon ƙwai mai ƙwayoyi 10, ba za ta bar komai ba. Amma ki ba tsohon ƙwan da ya tara miliyan goma wannan dahuwar daidai, saura 100 za su rage da rai, kuma ga yaro mai rauni wannan ba kaɗan ba ne. Shi ya sa nake cewa dahuwa tana rage haɗari matuƙa, amma ajiya da dahuwa tare suke aiki. Mai, sukari da gishiri kuma suna ba ƙwayar ɗan sulke, ta fi jure zafi a cikin gwaiduwa fiye da cikin fari, ta fi jurewa kuma in an haɗa da sukari.

A aikace ga abin da za ki yi. In dafawa ce, ki sa ƙwan a tukunya ruwa ya rufe shi, ki bari ya tafasa, sannan ki ƙirga minti 10 zuwa 12 daga tafasar, ba daga lokacin da kika ɗora ba. Ki raba shi biyu ki duba: tsakiyar gwaiduwa ta zama gari-gari, babu laima mai duhu. In kin ga wani zobe kore-kore a gefen gwaiduwar kada ya dame ki, haɗuwar ƙarfen gwaiduwa ne da sinadarin farin wuta da ke cikin farin ƙwai saboda daɗewa a wuta, ba ya cutarwa. In suya ce, kuskuren da aka fi yi shi ne mai ya yi zafi ƙwarai, a zuba ƙwai uku ko huɗu a ƙaramin kasko, ƙasa ya yi ja cikin daƙiƙoƙi, a naɗe a sauke, ciki kuwa yana nan da danshi. Ki rage wuta, ki baza shi siriri, ki juya, kowane gefe ya samu minti biyu zuwa uku. Ki tsaga tsakiya da cokali, in ruwa ya fito ki mayar. In kina so ya sha a cikin kunu ko koko, ki kaɗa ƙwan ki zuba tun tukunyar na kan wuta, ki ci gaba da juyawa har ya sake tafasa. Abin da ba ya wadatarwa shi ne a fasa ƙwai a kofi a kwarara masa shayi ko kunu mai zafi daga sama. Kofin da ƙwan da madarar suna shanye zafin, cikin ƙanƙanin lokaci ya sauko ƙasa da inda ake buƙata, kuma ba ki da hanyar sanin ko ya kai. Zuma, lemon tsami da yaji ba sa maye gurbin wuta. Sanyi ma ba ya kashe ta. Firij da ke ƙasa da digiri 7 yana hana ta ƙaruwa ne kawai, ko a ƙanƙara aka sa ta tana nan da ranta.

Za ki iya tambaya, to ya ake yin abincin kanti da ɗanyen ƙwai, kamar mayonis, ba a ji mutane na kwanciya? Amsar ita ce dabarar da ake kira fasturaizeshan, daga sunan masanin Faransa Louis Pasteur, wanda a shekarun 1860 ya nuna cewa ɗumama abin sha zuwa wani zafi ƙasa da tafasa yana kashe ƙwayoyin da ke lalata shi. A ƙwai, dabarar ta dogara ne kan ɗan tazarar da ke tsakanin zafin da ƙwayar ke fara mutuwa da zafin da ƙwai ke kamewa. Tunda ba a so ƙwan ya dahu, sai a rage zafi a ƙara lokaci. Ruwan ƙwan da aka fasa aka gauraya a masana'anta, ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka ita ce digiri 60 na minti uku da rabi. Ta Birtaniya digiri 64.4 na minti biyu da rabi. Ƙwai da ɓawonsa kuwa ana tsoma shi a ruwa mai zafin kusan digiri 57 na wajen awa guda, domin zafin yana daɗewa kafin ya ratsa zuwa tsakiyar gwaiduwa. Abin da ake nema shi ne ragin nan na sau 100,000 da na ambata. Daga nan a sanyaya da sauri a ajiye a firij, domin dabarar ragewa take yi, ba ta mai da ƙwai abin da ba ya lalacewa.

Ban ba ki shawarar gwada wannan a gida ba. Tazarar digiri huɗu ce ko biyar. Ki sauka zuwa 52, kin ɓata awa guda ƙwayar na nan. Ki hau zuwa 63, farin ya fara dahuwa. Riƙe ruwa a zafi ɗaya na awa guda a kan murhun itace ko gawayi ba abu ne mai yiwuwa ba, ko da ma'auni a hannu. Kuma babu abin da za ki samu a ɗanye da ya cancanci wannan wahala. Jiki ya fi cin moriyar dafaffen ƙwai: an auna an ga ana narkar da kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin gina jikin da ke cikin dafaffe, ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Ƙarancin jinin mai sikila kuma daga saurin fashewar ƙwayoyin jininsa yake, ɗanyen ƙwai ba ya gyara wannan. Maganin folik asid da sauran abin da asibiti suka ɗora shi a kai su ne na wannan ɓangaren.

Dalilin da ya sa na matsa miki tun farko shi ne sikilar. Babban mutum mai lafiya in ya ci salmonela, yawanci bayan awa 12 zuwa 36, wani lokaci tun awa shida, wani lokaci sai bayan kwanaki, zai fara gudawa, murɗawar ciki, zazzaɓi, wataƙila da amai, ya yi kwana huɗu zuwa bakwai ya warke da ruwan gishiri da sukari. Mai sikila saifarsa tana lalacewa tun yana ƙarami, ita ce kuwa matatar da ke tsame irin waɗannan ƙwayoyi daga jini. Sai ƙwayar ta tsallake hanji ta shiga jini, daga nan ta sauka a ƙashi, inda toshewar jini ta riga ta raunana wurin. Salmonela na daga cikin manyan masu kawo ruɓar ƙashi ga masu sikila, kuma farkonta yana kama da ciwon ƙashin da kuka saba gani, shi ya sa ake makara. Yaran da ke fama da tamowa, ko suka tashi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da jarirai, da tsofaffi, da masu ciki, da masu cutar da ke karya garkuwar jiki, duk suna cikin wannan sahu. In yaronki ya yi zazzaɓi, da gudawa ko babu, ko wani wuri a ƙafarsa ko hannunsa ya kumbura ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, ki kuma gaya musu yana shan ɗanyen ƙwai. Kada a tsaya sayen kafso a kemis, kada kuma a ba shi maganin tsayar da gudawa. A hanya ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan.

Kajin kuma kada ki ɗura musu maganin kashe ƙwayoyin cuta da nufin wanke su. Ba ya raba su da ita gaba ɗaya, yana barin saura a cikin ƙwan da yaro zai ci, yana kuma koya wa ƙwayar jure magani. Abin da ke aiki ya fi wannan sauƙi. Ki yi musu gurbi a ɗan sama da ƙasa, ki zuba busasshen ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, ki sauya shi da zarar ya jiƙe. Ki kwashe ƙwai safe da yamma. Tsabarsu da dusarsu a mazubi mai murfi inda ɓera ba zai kai ba. Ƙwan da ya tsage a dafa shi sosai a ranar, manya su ci, wanda ya yi kaca-kaca da kashi kuma ya tsage a zubar. Sauran ki ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, kusa da randa amma ba inda zai jiƙe ba, ki rubuta ranar da gawayi a jikin kowanne, ki ba yaron mafi sabunta, wanda bai wuce kwana uku ko huɗu ba in bazara ce. In firij ɗinku irin wanda wuta ke zuwa ta ɗauke ne, ki sani ƙwan da ya yi sanyi ya fito zafi yana yin gumi, gumin kuma yana buɗe wa ƙwayoyin waje hanya, don haka wanda ya fito daga firij a dafa shi a lokacin. Bayan kin fasa ƙwai ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa kofin yaro, kwanon da kika kaɗa ɗanye a ciki kuma kada soyayyen ya koma cikinsa. Dafaffen ƙwai tafasa ta riga ta wanke masa rufinsa, don haka a ba yaro ya ci da ɗuminsa. Da zafin bazara kada ya wuce awa ɗaya a ajiye.